Saƙon malamin kwamfuta na cewa a rage kaya a tabulet: inda iyaye suka fi yin kuskure

Idan hutu ya kusa ƙarewa, irin wannan saƙo kan faɗo zauren WhatsApp na iyayen yara a makarantunmu na Aboabo da Asawase a Kumasi: "Assalamu alaikum iyayenmu. Don Allah a rage kayan da ke cikin tabulet ɗin yara, a bar fili aƙalla giga 5 kafin ranar Litinin, za mu saka manhajar darasi. Kada a taɓa manhajojin makaranta. Na gode." Saƙon gajere ne, amma ranar Litinin sai ka tarar malam ya kwashe rabin darasi yana gyaran abin da aka ɓata a gida.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne a ɗauka malam ya ce a wanke na'urar tas. Uba zai miƙa wa wani yaro mai taɓa waya a unguwa, ko ya kai wa mai gyara a Adum, ya ce "ka share min ita", shi kuwa ya danna Erase all data (ana kuma ganinsa da sunan Factory data reset). Fili kam zai samu, amma manhajojin makaranta da littattafan da aka sauke da aikin yaro duk sun tafi. Idan kuma ta maɓallan gefe aka yi wankin, ba ta cikin Settings ba, Android za ta ƙi buɗewa sai an saka asusun Google da ke kanta a da, da kalmar sirrinsa. A gidaje da yawa mai shagon da ya sayar da tabulet ɗin ne ya buɗe asusun, ba wanda ya rubuta kalmar ya ajiye. Malam giga 5 ya nema, ba sabuwar na'ura ba.

Kafin a goge komai, a shiga Settings, a nemi Storage, a ga abin da ya ci wurin. A na Samsung yana ƙarƙashin Device care ko Battery and device care. A can za a ga Memory ma, kuma nan wasu ke ruɗewa: su danna Clean now a wurin, su ga lamba ta motsa, su ce an gama. Wannan wurin aikin wucin gadi ne na manhajojin da ke buɗe, ba ya ƙara ko kaɗan a filin da malam ke nema.

Mu ɗauki misali. Tabulet ce mai giga 32, Storage ya nuna an cinye 30.8, saura 1.2. Tsarin na'urar kansa ya riƙe 9, wannan ba a taɓa shi. Manhajoji 8.5, bidiyo 7, hotuna 3.5, sauti 1.5, takardu da tarkace 1.3. Abin da ake nema ƙarin 3.8 ne kawai. Abin da uwa ta fi yi a nan shi ne ta buɗe hotuna ta zauna tana goge su ɗaya bayan ɗaya. Hoton da ya zo ta WhatsApp sau da yawa bai kai rabin mega ba, sai an goge dubbai kafin a samu giga ɗaya, alhali bidiyon walima ko na wa'azi guda na iya cin mega 60 ko 100. A fara da manya. A cikin WhatsApp a bi Settings, Storage and data, sannan Manage storage. Akwai rukuni biyu a jere, Larger than 5 MB da Forwarded many times, kuma na biyun yawanci bidiyoyin da suka zagaya zauruka ne, ba mai kewarsu. A misalinmu an cire giga 2.1 daga nan. Wasan tseren mota da yaro ya saka lokacin hutu ya ba da 1.4. A Downloads an tarar da fayilolin da sunansu ya ƙare da .apk, waɗanda aka riga aka girka manhajarsu, da wani fim da aka turo ta Xender, duka 0.6. Lissafi ya ce fili ya zama 5.3.

Amma da aka koma Storage sai aka ga 4.7. Dalili shi ne abin da aka goge ta Files ko Gallery ba ya fita nan take, Trash yake komawa ya zauna kwana 30, kamar sharar da aka share aka tara a bayan ƙofa, tana nan cikin ɗaki. Sai an buɗe Trash an zubar kafin 0.6 ɗin ya dawo. Kowace manhaja da nata kwandon, don haka a leƙa na Gallery daban, na Files daban. Alamar an yi wannan kuskure ita ce an goge kaya da yawa amma lambar ba ta motsa ba.

Idan kuma aka ga YouTube ita kaɗai ta riƙe giga biyu ko uku, bidiyon da yaro ya sauke ne don kallo ba tare da data ba. Ba sa fitowa a Gallery, sai a cikin manhajar, ƙarƙashin Downloads.

Akwai maɓallai biyu da ke zaune kusa da juna a shafin kowace manhaja: Clear cache da Clear storage (a wasu na'urori Clear data). Na farkon tarkacen wucin gadi yake kwashewa, ba ya cutar da komai, sai dai filin da ya bayar yakan sake cika bayan 'yan kwanaki, don haka kada a dogara da shi wajen cika giga 5. Na biyun yana mayar da manhajar kamar yau aka girka ta. A manhajar makaranta, yaro ya fita daga asusunsa ke nan, darussan da aka sauke sun tafi, aikin da bai tura ba ma haka. A WhatsApp kuwa hirarraki ne za su ɓace idan ba a yi musu ajiya ba. Wanda bai tabbata ba, ya bar manhajar makaranta yadda ya same ta.

Hotunan raɗin suna da na biki, waɗanda ba a so a rasa, su ma akwai tarko a kansu. Idan Google Photos na ajiye su a asusu, aka goge hoto daga cikin manhajar, ya gogu a na'ura da asusun gaba ɗaya. Free up space ne ke cire na na'urar ya bar na asusun. A tuna dai giga 15 ne kyauta, kuma Gmail da Drive na ci daga ciki, tura bidiyo can ma data yake sha. Ni dai na fi son katin memori ko kebul zuwa kwamfuta. Sai dai saka katin kaɗai ba ya rage komai, dole a kwashe fayilolin da Move, ba Copy ba, kuma manhajar da malam zai girka galibi cikin na'urar take zama, ba kan kati ba. Manhajojin da ke tallan share waya cikin daƙiƙa ɗaya kuwa, a bar su, wuri suke ci su cika allon yaro da talla.

Malamai ma da nasu. Saƙon da ya ce "a rage kaya" kawai, ba adadi, ba sunan manhajojin da za a bari, shi ke jawo rabin wannan ɓarna. A faɗi giga nawa, kuma a nemi fiye da girman manhajar, domin lokacin girkawa na'ura na riƙe fayil ɗin da aka sauke da wanda take warwarewa a tare. A kuma roƙi kowane gida ya turo hoton shafin Storage kafin Litinin.

Bayan an gama, a koma Storage and data a WhatsApp, ƙarƙashin Media auto-download, a cire alamar Videos a duka wuraren uku. In ba haka ba, zauren dangi zai sake cika tabulet ɗin kafin tsakiyar zango.