Darasi na Shida: Gudu, Tafiya da Zurfin Yanka a Injin Tur

A Garwa ko Marwa, yawancin aikin da ake kawo wa mai injin tur, wato injin da ke juya ƙarfe wuƙa tana yankansa, na baƙin ƙarfe mai laushi ne: sandar injin niƙa, ƙarfen ƙafar amalanke, ko wani abin famfon ban-ruwa. Wannan ƙarfe yana da sauƙin yanka, amma yana ƙona wuƙa nan da nan idan ba a saita injin daidai ba. Abu uku mai tur yake saitawa kafin ya kunna: gudun juyi, tafiyar wuƙa, da zurfin yanka. A darasin nan za mu ɗauki aiki guda mu bi shi daga farko har ƙarshe.

Ga aikin. An kawo sandar ƙarfe mai kauri milimita 50, ana so a rage bakinta ya koma 44, tsawon milimita 90. Wuƙarmu irin wadda ake wasawa da dutse ce, wadda aka rubuta HSS a jikinta.

Da zurfi ake farawa. Daga 50 zuwa 44 bambancin 6 ne, amma ƙarfen juyawa yake yi, wuƙa tana cinsa ta ko'ina. Idan ta shiga milimita 1, kauri ya ragu da 2. Saboda haka zurfin da muke bukata duka 3 ne, ba 6 ba. Nan ne ɗalibai da yawa suke ɓata ƙarfen mutane. Za mu raba shi uku: yankan farko 1.5, kauri ya koma 47, na biyu 1, ya koma 45, sai rabin milimita na sumulcewa. Kada yankan farko ya zama shafa-shafa. Baƙin ɓawo da tsatsar da ke bayan ƙarfe suna cin bakin wuƙa, gara ta shiga ƙarƙashinsu ta ɗebe su gaba ɗaya. A kula kuma, a wasu injuna lambobin da ke kan hannun juyawa kauri suke ƙirgawa, a wasu kuwa zurfi. Yi ɗan yanka ka auna, ka san irin naka.

Tafiya ita ce nisan da wuƙa take matsawa gaba duk juyi ɗaya. A yankan ɗiba, milimita 0.2 zuwa 0.4 ya yi, mu ɗauki 0.3. A na sumulcewa a sauko wajen 0.1.

Gudu shi ne ya fi bukatar natsuwa. Abin da wuƙa take ji ba yawan juyi ba ne, yawan ƙarfen da ke wucewa ta bakinta ne a minti ɗaya. Dubi ƙafar amalanke da ta baro: juyi ɗaya kowacce ta yi, amma babbar ta fi cin ƙasa. Haka ƙarfe mai kauri yake, shi ya sa ake juya shi a hankali, siriri kuma a juya shi da sauri. Wuƙar HSS a kan ƙarfe mai laushi tana son mita 25 zuwa 30 a minti. Lissafin shi ne:

```
N = 1000 × Vc ÷ (3.14 × D)
```

N juyi ne a minti, Vc gudun yanka da mita a minti, D kuma kaurin ƙarfe da milimita. Hanya mafi sauƙi ita ce a ninka gudun yanka da 320, a raba da kauri. Namu: 320 sau 25 ya ba da 8000, a raba da 50, an sami 160. Da wuya ka ga 160 cif a allon injin. Idan akwai 105, 150 da 210, ɗauki na ƙasa da ke kusa, wato 150.

Me ya sa na ƙasa? Domin cikin ukun nan gudu ne ya fi kashe wuƙa. Ƙarin zurfi ba ya rage mata kwana sosai, ƙarin tafiya yana ragewa kaɗan, amma ƙarin gudu yana haifar da zafi, ita kuwa HSS tana rasa taurinta idan zafin bakinta ya kai wajen digiri 600. Ƙarin kashi ɗaya cikin biyar kawai a kan gudu yana iya sa wuƙar da ke yin awa guda ta dushe cikin kwata. A ganina, duk wanda yake sauri ya fara ƙara zurfi gwargwadon ƙarfin injinsa, sannan tafiya, ya bar gudu a ƙarshe.

Da juyi 150 da tafiya 0.3, wuƙa tana cin milimita 45 a minti, tsawonmu na 90 zai ɗauki minti biyu. A yankan ƙarshe kauri ya zama 45, yankan kuma ba nauyi, sai mu yi lissafi da 30: 320 sau 30 a raba da 45, kusan 213. Mun ɗauki 210. Kafin wannan yanka bari ƙarfen ya huce ka auna, domin zafi yana kumbura shi.

Idan wuƙarka mai ɗan haƙorin karbid ce, gudun yanka ya kai mita 100 zuwa 150 a minti, wato sandar nan za ta yi juyi 640 ko fiye. Sai dai karbid yana da saurin tsagewa, ba ya son tsohon injin da ke rawa.

Yanzu karanta wuƙa. Tun injin yana aiki, tarkacen da ke fita suna ba ka labari. Da HSS, tarkace masu haske ko ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ce. Idan suka koma shuɗi, zafi ya yi yawa, rage gudu ko ka ƙara ruwan sanyaya. Da karbid kuwa shuɗi ba laifi ba ne. Dogayen tarkace masu naɗewa suna nuna tafiya ta yi kaɗan. Kada ka ja su da hannu, tsayar da injin ka janye su da ƙugiya, kuma kada ka tsaya gaban tur da riga mai faɗin hannu.

Idan ka tsayar, ciro wuƙar ka kai ta haske. Dubi gefen da yake gugar ƙarfe, ƙasa da kaifin. Za ka ga wani siririn layi mai sheƙi. Wannan cinyewa ce ta al'ada, kowace wuƙa tana yi. Idan faɗinsa ya kai kusan milimita 0.3, lokacin wasawa ya yi. Alamarsa a aiki ita ce awo ya fara ƙaruwa ba ka taɓa komai ba, fuskar ƙarfe ta yi kaushi, ƙarar injin ta yi nauyi. Wanda ya wasa a wannan lokaci ɗan kaɗan zai ɗebe. Wanda ya jira har baki ya narke sai ya cinye wuƙar sosai a dutse. Idan layin ya bayyana da wuri ƙwarai, gudu ne ya yi yawa.

Sai ka dubi saman wuƙar, inda tarkace ke zamewa. Ɗan rami a bayan kaifi aikin zafi ne, kuma in ya girma kaifin zai ɓalle. Wani lokaci kuma ba rami za ka gani ba, dunƙulen ƙarfe ne ya manne a baki. Ƙarfe mai laushi ya cika yin haka idan gudu ya yi ƙasa, musamman da karbid, kuma yana barin fuskar aiki a yayyage. Maganinsa akasin na farko ne: ƙara gudu, a gyara kaifi, a zuba ruwa. Idan kuwa bakin ya gutsuttsure, injin yana kuka, akwai layuka kamar igiyar ruwa a jikin ƙarfe, to rawa ce. Rage tsawon wuƙar da ya fito waje, tabbatar bakinta yana daidai tsakiyar ƙarfe, kuma idan sandar ta fito fiye da ninki uku na kaurinta, tokare ta daga baya.

Aikin gida: an kawo sanda mai kauri 32, ana so ta koma 28, wuƙar HSS ce, gudun yanka 25. Nawa ne zurfin duka, kuma yaya za ka raba shi? Juyi nawa lissafi ya ba ka? Idan allon injin yana da 150, 210 da 300, wanne za ka ɗauka? Kowa kuma ya zo da tsohuwar wuƙa ɗaya daga wurin aikinsa, mu duba bakinta tare a aji.