Yadda na daina rikici da kuɗin QR a shagona na Aboabo

Da na fara karɓar kuɗi ta QR, wato hoton lambar da mai saye ke haskawa da wayarsa ya biya, matsalata ɗaya ce: mai saye ya nuna mini wayarsa ya ce ya biya, ni kuwa saƙo bai shigo ba. Ga shi kuma lambar MoMo tawa ta gida nake amfani da ita, kuɗin shago da na iyali duk a cakuɗe.

Sai na je banki da Ghana Card, na cike fom ɗin 'yan kasuwa, na nemi GhQR, wato lambar QR ta bai-ɗaya ta Ghana da ake bugawa a takarda. Amfaninsa, takarda ɗaya ta wadatar, ko daga banki mai saye zai biya ko daga MoMo. Na sa mata leda saboda ƙura, na manna ta kusa da sikeli.

Kafin kowa, na sa ƙanina ya biya sidi 1 don gwaji. Sunan shago ya fito a wayarsa, saƙo ya shigo tawa.

Yanzu idan Hajiya ta sayi shinkafar sidi 85, ita ke rubuta kuɗin da hannunta, don haka nakan ce, "Hajiya, a duba sunan shago da adadin kafin a danna." Ba na miƙa kaya sai na ga 85 a wayata, domin hoton rasit ana iya ƙirƙirarsa. Idan saƙo ya yi jinkiri, asusun nake buɗewa in duba.