Baƙin lalle da ciwon maƙogwaro: inda ɗalibai ke zamewa a tambayar borin garkuwar jiki

Gell da Coombs ne suka kasa wuce gona da irin garkuwar jiki gida huɗu, nau'i na 1 zuwa na 4, a 1963, kuma duk ɗalibin likitanci a Kano ya haddace su. Matsalar tana fitowa ne idan an kawo labarin majiyyaci aka ce a faɗi nau'in.

Kuskuren da na fi gani shi ne a ɗauka duk ƙaiƙayin fata nau'i na 1 ne. Ga amarya an yi mata baƙin lalle mai dayis ranar Alhamis, lafiya lau. Sai ranar Asabar fata ta yi ja, ta kumbura, ƙuraje masu ruwa suka bi zanen sak. Da yawa za su rubuta IgE, wato antibodin da ke haddasa nau'i na 1, su rasa maki. A duba lokaci. Nau'i na 1 ba ya jira: mutum ya ci gyaɗa ko zuma ta harbe shi, cikin mintuna borin jini ya taso, domin IgE na zaune kan ƙwayoyin mast, suna taɓa antijin, wato abin da jiki ya ɗauka baƙo, su saki histamin. Na amarya ya ɗauki kwana biyu, tunda sai ƙwayoyin T sun taru a wurin tukuna, kuma babu hannun antibodi a ciki. Nau'i na 4 ke nan, shi ya sa ma ake karanta gwajin tibi na Mantoux bayan awa 48 zuwa 72. Ƙaiƙayin ɗan kunnen da ke da nikel ma nan gidansa yake.

Na 2 da na 3 sun fi wahala, don antibodin IgG na cikinsu duka, kuma agogo ba zai raba maka su ba. Yara biyu a unguwa ɗaya sun yi ciwon maƙogwaro na ƙwayar sitireptokokas. Bayan kamar mako biyu ɗaya ya tashi fuska a kumbure, fitsari kalar shayi. Ɗayan kuwa bayan mako biyu zuwa uku gaɓoɓi suka kama ciwo, zuciya ta taɓu.

Tambayi kanka ina antijin yake. A yaro na biyu antibodin da aka ƙera don ƙwayar cutar ya ga naman zuciya ya yi kama da ita, ya far masa kai tsaye a inda yake. Wannan na 2 ne, kamar ƙarin jinin da bai dace ba. A yaro na farko antibodi da antijin ne suka dunƙule, dunƙulen ya maƙale a matatar ƙoda ya jawo kumburi, kamar shara a magudanar ruwa da damina. Wannan na 3 ne, kuma C3, wani furotin na garkuwar jiki, kan yi ƙasa a jininsa.

Kada kuma ka haddace cewa magani kaza nau'i kaza ne. Fenisilin kaɗai na iya jawo duka huɗun, don haka lokacin da alamun suka fara da abin da ya lalace za ka nema a cikin tambayar.