Cire gashin baya da kafaɗa idan hannu ba ya kaiwa

Idan hannunka ba ya kaiwa bayanka, ka nemi injin aski mai batir, ka ɗaure shi tam a jikin doguwar muciya da robar tayar keke, sannan ka tsaya tsakanin madubai biyu. Injin yana yanke gashi ne a saman fata, shi ya sa ba ya yawan jawo ƙurajen aski kamar reza, musamman ga mai murɗaɗɗen gashi wanda kan lanƙwashe ya koma cikin fata. Ka tabbatar jikinka a bushe yake kafin ka fara.

Dabarar ba ta dace ba idan akwai ƙuraje ko tsiro a bayan, domin ko da madubi ba ka ganin inda bakin injin yake bi sosai. A nan gara ka je wajen mai aski da injinka na kanka.