Darasi na Bakwai: Lissafin Shekarun Aiki da Takardar Shaida

Idan kamfani ya sanar cewa yana neman direba mai ƙwarewar shekara 3, abin da za a ƙirga shi ne watannin da takarda ta tabbatar, wato wata 36. Ranar da ke jikin lasisin tuƙi tana nuna lokacin da aka ba mutum izinin tuƙi ne kawai, ba ta nuna cewa ya yi wa wani aiki ba.

Ga misalin wani direba mazaunin Agege a Legas. Ya tuƙa wa wani ɗan kasuwar Mile 12 motar kayan gwari daga farkon Maris 2019 zuwa ƙarshen Agusta 2020, wato wata 18. Daga nan ya tafi gida, sai a farkon Janairu 2021 ya kama aiki da wani kamfanin dakon kaya a Apapa, ya zauna har ƙarshen Afrilu 2022, wato wata 16. A ganinsa, daga 2019 zuwa 2022 ya wuce shekara 3, amma jimillar ita ce wata 34, saura wata 2, domin wata 4 da ya yi a gida ba sa cikin lissafi. Ko da a ce yana tuƙa wata motar da dare a cikin waɗancan watanni, ba a ƙirga wata ɗaya sau biyu.

Aikinsa na farko shi ne mai wahalar tabbatarwa, domin da baki aka ɗauke shi, kuma a hannu ake biyansa. Abin da ya kamata shi ne ya je ya ce: "Alhaji, ina roƙon a rubuta mini takardar shaidar aikin da na yi maka." Takardar ta ƙunshi cikakken sunansa kamar yadda yake a katin NIN, da irin aikin, da ranar farawa da ranar bari, sannan sunan maigidan da adireshin shagonsa da lambar wayarsa da sa hannunsa. Takardar da ta ce "ya daɗe yana aiki da mu" ba tare da kwanan wata ba, ba za a iya fitar da ko wata ɗaya daga cikinta ba. Wasiƙar Sarkin Hausawa kuwa, duk da darajarta, shaidar hali ce, ba ta maye gurbin ta wanda aka yi wa aikin.

Aikin kamfani ya fi sauƙi, domin akwai takardar ɗauka aiki, kuma bayanan asusun banki suna nuna shigar albashi wata bayan wata. Idan sunan ya bambanta, misali Muhammadu a wata takarda, Mamman a wata, a nemi takardar rantsuwa ta kotu tun kafin a miƙa takardu.

Aikin gida: Ku rubuta kowane wurin da kuka yi aiki, da watan farawa da watan bari, ku haɗa jimillar watannin, sannan ku sa alama a gaban wanda ba ku da takardarsa.