Yadda ake rubuta wa ɗan'uwa da ke waje bayanin takardar sallamar Baba daga asibiti

Ranar da aka sallami mahaifinmu, na ɗauki hoton takardar sallamar na tura wa yayana da ke aiki a waje. Da ya binciko ma'anar CCF, sai ya ga wai gazawar zuciya ce. Ya kira ni cikin dare muryarsa na rawa, yana tambayar kuɗin tikitin jirgi, alhali a lokacin Baba na zaune kan tabarma yana shan kunu. Likita don likita ɗan'uwansa yake rubuta wannan takarda, shi ya sa hotonta kaɗai bai isa ba. Sai an haɗa da wasiƙa.

Aikin yana farawa tun kafin ku baro asibiti. Ka tsaya da likitan ko ma'aikaciyar jinya, takarda a hannu, ku bi ta layi-layi. Duk gajeren rubutun da ba ka gane ba ka tambaya, ka rubuta amsar a bayan takardar nan take, don kafin ka isa gida rabi ya zube.

Da ka zauna rubutu, kada ka bi jerin takardar. Ita da ranar kwanciya take farawa, shi kuwa na nesa so yake ya ji halin da ake ciki yau. Ga yadda na buɗe tawa: "Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, Baba ya dawo gida. Yana cin abinci, yana takawa har masallacin ƙofar gida, kumburin ƙafar ya saɓe."

Daga nan sai sunan ciwon, kuma a nan ne ake yawan ɓata magana. Na rubuta masa cewa hawan jinin da ya daɗe ba a kula da shi sosai ba ne ya gajiyar da zuciyar, ba ta tura jini da ƙarfin da ta saba, shi ya sa ruwa ya taru a huhu da ƙafafu har kwanciya ta gagara sai an jera filo uku. Zuciyar ba ta tsaya ba. Amma ban ɓoye masa cewa ciwon na zama da mutum ne ba, magani kuma ba a daina shi don an ji sauƙi.

Lambobi kuwa, ɗauki biyu kawai. A tamu an rubuta awon jini 180/110 ranar kwanciya, 130/80 ranar sallama, wannan kowa zai gane. Ta biyun ita ce EF 35%, daga hoton zuciya. Mutane kan ɗauka kashi 35 na zuciyar ne ya rage. Ba haka ba ne. Awo ne na yawan jinin da ɗakin hagu na zuciya ke turawa a bugu ɗaya cikin abin da ya cika shi, kuma ko mai lafiya bai cika wuce kashi 55 zuwa 70 ba. Da magani wannan lamba takan ɗaga. Sauran sakamakon da ba a yi maka bayaninsu ba, kada ka yi musu fassarar kanka.

Sunayen magunguna ka kwafe su harafi-harafi kamar yadda suke a takarda, ka faɗi aikin kowanne. Misali furosemide maganin fitar da ruwa ne ta fitsari, da safe ake shan sa don kada Baba ya kwana zirga-zirgar bayan gida. Inda ka ga od, sau ɗaya ne a rana. Bd sau biyu. Nocte da dare. Ka roƙi Yaya kada ya aiko da wani magani daga can sai likita ya gani, musamman irin na ciwon gaɓoɓi, don wasunsu suna riƙe ruwa a jiki.

Sai alamomin komawa asibiti ba tare da jiran ranar ganin likita ba: numfashi ya yi wuya in ya kwanta, kumburi ya dawo, ciwon ƙirji, suma, ko nauyi ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana 3. Ka ambaci rage gishiri da dunƙulen miya, da ranar komawa, da gwajin jini na ƙoda da za a maimaita.

A ƙarshe ka ba shi abin yi, don zaman jiran labari daga nesa yana cin rai. Ni na faɗa masa kuɗin magani na wata guda, na roƙe shi ya saya mana na'urar awon jini da sikeli, ya kuma riƙa kiran Baba kowace Juma'a bayan an sauko, tunda maganar gishiri ta fi shiga kunnen Baba in daga bakinsa ta fito.