Yadda na gyara ma'aunin ba da maki da ke tauye masu karin harshe

Alhamdulillahi, matsalar ta kau. Amsoshi biyu masu hujja iri ɗaya kan samu maki daban a hannun masu duba mana rubutu, kuma kusan kullum mai karin harshen yamma ne a ƙasa.

Da farko na cire sunaye, na sa lambobi. Ya rage wani abu, amma ai wanda ya rubuta "hwari" da "biyat" ya riga ya bayyana kansa. Jan kunnen masu dubawa ma bai tsinana komai ba.

Sai na yi gwaji. Na ɗauki amsa ɗaya na kwafe ta gida biyu, na sauya karin harshe kawai, hujja da tsayi suna nan yadda suke, na cusa su cikin tarin takardu. Ɗaya ta ci 78, ɗayar 66. Duk gibin daga layi guda na ma'aunin ba da makin ya fito: "kyawun harshe da salo, maki 30". Kowa abin da kunnensa ya saba ji yake kira kyau.

Na goge layin, na raba makin uku, goma-goma: shin an fahimci ma'ana, shin hujjoji sun bi juna, shin kalmomin fannin sun zauna daidai. Na ƙara sharaɗi cewa duk wanda zai rage maki sai ya nuna jimlar, ya faɗi abin da ta ɓata. Karin harshe ba kuskure ba ne, sai fa in daidaitacciyar Hausa ake jarrabawa a kai.

Da na maimaita gwajin da wata amsar, tazarar maki 2 ce. Gwajin sunan mace da na namiji ya rage min.